Ginshiƙin Tankin Ruwa da Amsar da Ta Ragu Sau Huɗu: Intagireshan Sau Biyu a Kan Kantiliba Mai Nauyin Alwatika

Takardu uku ya ajiye min a kan tebur, rubutun hannu mai tsafta, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsarsa: kan ginshiƙin tankin ruwa zai goce milimita 2.4. Matashin injiniya ne da ke aiki a ƙarƙashina, mai himma, ba ya gudun lissafi. Abin da ya kawo shi shi ne in sa hannu a rage girman ƙarfen da aka zaɓa, domin a ganinsa ƙarfen ya yi wa aikin yawa.

Aikin kuwa tanki ne buɗaɗɗe mai kusurwa huɗu, wanda zai riƙe ruwa zurfin mita 3. Bangonsa fale-falen ƙarfe ne da suka jingina da ginshiƙai na ƙarfe, an jera su tsaye ta waje, mita 1 tsakanin kowane biyu. An yi wa gindin kowane ginshiƙi walda da faranti mai kauri, aka ɗaure farantin a kankare da manyan ƙusoshi masu noti. Can sama babu abin da ya riƙe ginshiƙin, kansa a sake yake. Duk sandar da aka kafe ta da ƙarfi a gefe ɗaya, ba ta motsi ba ta juyawa a wurin, aka bar ɗaya gefen a sake, ita injiniyoyi ke kira kantiliba. Ko a kwance take kamar rumfar bene, ko a tsaye kamar wannan ginshiƙin, lissafin ɗaya ne.

Abin da ya sa na zaɓi wannan lamari in rubuta shi dalla-dalla shi ne, babu kuskure ko ɗaya a layukan lissafin yaron har zuwa layi na biyun ƙarshe. Wanda ya bi takardun da ido kawai zai sa hannu.

Nauyin da ruwa ke ɗorawa

Ruwa ba ya tura bango da ƙarfi iri ɗaya daga sama har ƙasa. A saman ruwa matsin sifili ne, yana ƙaruwa daidai da zurfi, har ya kai iyakarsa a ƙasan tanki. In ka zana shi a takarda, alwatika za ka gani, tsininta a sama, faɗinta a gindi. Nauyin ruwa kilonuton 9.81 ne a kowace mita mai kibik, saboda haka a zurfin mita 3 matsin ya kai 29.43 a kan kowace murabba'in mita. Tun da kowane ginshiƙi na tsakiya yana ɗaukar bango mai faɗin mita 1, nauyin da ke kansa a can gindi, wanda za mu kira w₀, shi ne 29.43 kN/m.

Ƙarfen da aka zaɓa tun farko IPE 240 ne, wato ƙarfe mai siffar harafin I da faɗinsa ya kai milimita 240. Lambar da ke nuna yadda siffarsa ke ƙin lanƙwasa, wato I, ita ce 3892 cm⁴ kamar yadda take a teburin ƙarafa. Taurin ƙarfen kansa, E, an ɗauke shi 210 GPa. Idan aka ninka su, EI ya zama 8173 kN·m². Wannan lamba guda ita ce duk abin da lissafin gocewa ke buƙatar sani game da ginshiƙin, muddin girmansa bai canza ba daga gindi zuwa kai.

Kalmomi uku zan riƙa amfani da su, kuma gara a raba su tun yanzu. Gocewa ita ce nisan da wani wuri a jikin ginshiƙin ya matsa daga inda yake kafin a zuba ruwa, ita ce y. Karkata ita ce kusurwar da jikin ginshiƙin ya jirkice a wurin, ita ce dy/dx. Lanƙwasa kuwa ita ce saurin da karkatar ke canzawa yayin da kake bin tsawon sandar. Ka'idar da aka jingina wa Leonhard Euler da iyalin Bernoulli cewa take, lanƙwasar kowane wuri daidai take da momen ɗin da ke wurin, wato ƙarfin da ke neman karya sandar, an raba shi da EI:

```
EI · d²y/dx² = M(x)
```

Hanyar intagireshan sau biyu ba ta wuce a bi wannan a koma baya ba. Intagireshan tara ƙananan canje-canje ne wuri guda. Ka tara lanƙwasa sau ɗaya, ka sami karkata. Ka tara karkata, ka sami gocewa.

Inda ya yi daidai

Matashin ya ɗauki kan ginshiƙin a matsayin mafarin awo, x tana tafiya ƙasa. Da ni ne ma haka zan yi, domin alwatikar daga nan ta faro, kuma ba sai an nemi ƙarfin da kankare ke mayarwa ba kafin a rubuta momen. A zurfin x, nauyi a kan kowace mita shi ne w₀x/L, inda L yake tsawon ginshiƙin, mita 3. Yanzu ka yanke ginshiƙin a zuci a wannan zurfi, ka dubi guntun da ke sama kawai. Ruwan da ke tura guntun ƙaramar alwatika ce, tsawonta x, faɗin gindinta w₀x/L, jimlar ƙarfinta rabin ninkin waɗannan biyun. Cibiyar nauyin alwatika tana kashi ɗaya cikin uku daga gindinta, saboda haka hannun da ƙarfin ke juyawa da shi x/3 ne. Ka ninka su:

```
M(x) = −(w₀x²/2L)(x/3) = −w₀x³/(6L)
```

Alamar ragi tana nuna cewa mun ɗauki y mai ragi a matsayin gocewa zuwa waje, inda ruwa ke turawa. A gindi, inda x ta zama L, momen ɗin w₀L²/6 ne, wato 44.1 kN·m. Ya samu wannan daidai, na kuma duba da kaina.

Intagireshan ɗin ma bai yi tuntuɓe ba:

```
EI · dy/dx = −w₀x⁴/(24L) + C₁
EI · y     = −w₀x⁵/(120L) + C₁x + C₂
```

C₁ da C₂ lambobi ne da kowane intagireshan ke barowa, sai an nemo su daga baya. Sai ga layin da ya rushe komai. Ya rubuta a gefe da ƙananan haruffa cewa tun da kantiliba ne, C₁ da C₂ duka sifili ne. Ya sa x daidai da L a abin da ya rage, ya sami w₀L⁴/(120EI), wanda ya ba shi milimita 2.4.

Na miƙa masa fensir na ce, "Zo ka zana min ginshiƙin bayan an cika tankin. Amma kada ka zana abin da ka sani a ranka, zana abin da wannan layin naka ya ce. Sa x sifili, me ka samu?"

Ya ce, "Sifili, Yallaɓai."

"Ina ne x sifili?"

Ya dubi zanensa na shafin farko, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Kan ginshiƙin ne." Bai jira tambaya ta gaba ba, ya ga abin da kansa. Lissafinsa cewa yake kan ginshiƙin, wanda babu abin da ya riƙe shi, yana nan daram bai motsa ba, gindin da aka ɗaure a kankare kuwa shi ne ya goce milimita 2.4.

Abin da C₁ da C₂ ke ɗauke da shi

Nan ne nake so mai karatu ya ɗan zauna, domin nan ne zuciyar hanyar take. Layin momen bai san komai ba game da yadda aka riƙe sandar. Ruwa kawai ya sani, da guntun da ke sama da inda aka yanka. Abin da yake ba ka shi ne siffar lanƙwasar, kamar a miƙa maka lanƙwasasshiyar waya ba a gaya maka inda za ka ajiye ta ba. Kana iya matsar da wayar gefe gaba ɗayanta, siffarta ba za ta canza ba, wannan shi ne C₂. Kana iya jirkita ta gaba ɗayanta, siffar na nan, wannan shi ne C₁. Kankare da ƙusoshi da walda ba su da wata ƙofar shiga lissafin sai ta waɗannan lambobi biyu.

Sharuɗɗan kafaffen gindi biyu ne: ba ya juyawa, ba ya gocewa. Amma sharuɗɗan na wurin da aka kafe ne, ba na inda x take sifili ba. A misalan da aka fi fara koya wa ɗalibai, mafarin awo yakan kasance a jikin bango, sai wuraren biyu su haɗu, lambobin su fito sifili. Ɗalibi ya ga haka sau goma, sai ya haddace sakamakon ya manta da dalilin. Ran da ya matsar da mafarin awo zuwa sakakken kai don momen ya yi sauƙi, haddar ta biyo shi, dalilin ya tsaya a can.

Muka sake yi tare. A gindi x daidai take da L. Sharaɗi na farko, karkata sifili ce a wurin:

```
0 = −w₀L³/24 + C₁      →  C₁ = w₀L³/24
```

Dole a fara da wannan, domin sharaɗi na biyu yana buƙatar C₁. Gocewa ma sifili ce a wurin:

```
0 = −w₀L⁴/120 + w₀L⁴/24 + C₂   →  C₂ = −w₀L⁴/30
```

Aka mayar da su, aka fitar da abin da suka yi tarayya a kai:

```
y = −w₀(x⁵ − 5L⁴x + 4L⁵) / (120·EI·L)
```

Gwajin farko ba ya cin minti ɗaya. Sa L a madadin x, cikin baka ya zama 1 a cire 5 a ƙara 4, sifili ke nan, gindi bai motsa ba. Sa sifili, sai 4 bisa 120 ya rage, wato ɗaya bisa 30. Gocewar kan ginshiƙin ita ce w₀L⁴/(30EI), karkatarsa kuma w₀L³/(24EI).

Duba da kyau ka ga abin da ya faru. Idan mafarin awo yana sakakken kai, C₁ bisa EI ita ce karkatar kan, C₂ bisa EI kuma ita ce gocewar kan. Lambobi biyun da ya zubar, su ne ainihin amsoshi biyun da aka aike shi ya nemo.

Da lambobin aikin, L⁴ ya zama 81, a ninka da 29.43 a sami kusan 2384, a raba da 30 sau 8173. Amsar mita 0.0097 ce, wato milimita 9.7. Karkatar kan kuwa radiyan 0.00405, kusan digiri 0.23, ma'ana milimita 4 a kowace mita.

Ya tambaye ni ko 2.4 ɗin nasa tana da wata ma'ana, ko shirme ce kawai. Tambayar ta burge ni, kuma tana da amsa. Ka ɗora miƙaƙƙiyar sanda a jikin lanƙwasasshen ginshiƙin daidai kansa, ta bi karkatar kan, ka bar ta ta sauko har ƙasa. Karkatar sau mita 3 ta ba da milimita 12.15. A cire 9.72, saura 2.43. Tazarar da ke tsakanin wannan sandar da gindin ginshiƙin ita ce ya lissafa. Lamba ce ta gaskiya, sai dai amsar tambayar da babu wanda ya yi ce.

Me zai faru da an sa hannu

Shawararsa ita ce a sauko zuwa IPE 200, wanda I ɗinsa 1943 cm⁴ ne, kusan rabin na farko. Da lissafinsa, gocewar za ta zama milimita 4.9, abin da ba zai tayar wa kowa hankali ba. A gaskiya kuwa milimita 19.5 ce. Ma'aunin da aka saba amfani da shi ga kantiliba na ƙarfe, wanda tsohuwar ƙa'idar gini ta Birtaniya BS 5950 ta ba da shawararsa, shi ne tsawo a raba da 180. Ga mita 3, milimita 16.7 ke nan. IPE 240 ya shige da sarari, IPE 200 ya zarce iyaka. Matsin da ke cikin ƙarfen a gindi ma zai tashi daga kusan 136 MPa zuwa 227, tun ba a ƙara masa kason kariya ba, amma wannan wani bincike ne daban. A tanki, gocewa ba maganar kyan gani ba ce kawai. Ginshiƙan kusurwa bangon da ya gitta yana riƙe da su, ba sa tafiya, na tsakiya kuwa suna tafiya. Bambancin yana sauka a kan haɗin fale-falen da kan duk bututun da ya ratsa bangon, daga nan yoyo ke farawa.

Gwajin da ba ya dogara da lissafin farko

Ba na yarda da amsar intagireshan, ko tawa ce, sai na riske ta ta wata hanya. Hanya ta farko ita ce a juya mafarin awo. A kira nisa daga gindi s, sai momen ya zama −w₀(L − s)³/(6L). In aka buɗe bakan aka baza shi gaɓa huɗu kafin intagireshan, lambobin biyu za su fito sifili da gaske, sakamakon kuma:

```
y = −w₀s²(10L³ − 10L²s + 5Ls² − s³) / (120·EI·L)
```

Sa L a madadin s: 10 a cire 10, a ƙara 5, a cire 1, saura 4. Ɗaya bisa 30 ta sake fitowa. Akwai tarko a nan ma. Wanda ya bar bakan a rufe ya yi intagireshan a kan (L − s) kai tsaye, C₁ ɗinsa ba zai zama sifili ba, ko da yake mafarinsa na jikin kankare. Saboda haka ko dokar nan ta "mafari a gindi, lambobi sifili" ba abar haddacewa ba ce. A sa sharaɗin a rubuce kowane lokaci, layi biyu ne kawai. Zaɓin dai ciniki ne: ka auna daga kai ka sami momen mai gaɓa ɗaya da lambobi biyu na nema, ko ka auna daga gindi ka sami gaɓa huɗu babu lambobi. Ni na fi son na farko, don kuskuren alama ya fi yawa a cikin gaɓoɓi huɗu.

Hanya ta biyu ta fi sauri. Kowa ya san kantiliba mai nauyi bai ɗaya, w₀ daga gindi har kai, gocewarsa w₀L⁴/(8EI) ce. Murabba'i mai tsawo alwatika biyu ne da aka haɗa, ɗaya faɗinta a gindi, ɗaya faɗinta a kai. Ta biyun, kamar yadda take a teburan littattafai, tana ba da 11w₀L⁴/(120EI). Ɗaya bisa 8 daidai yake da 15 bisa 120, a cire 11, saura 4 bisa 120. Sun haɗu.

Wannan gwajin yana kuma nuna wani abu da ya kamata ya tsaya a zuciya. Alwatikun nan biyu jimlar nauyinsu ɗaya ce, kilonuton 44.1 kowace. Amma wadda ta tara nauyinta a sakakken kai za ta gotar da wannan ginshiƙin milimita 26.7, ninki biyu da kashi uku cikin huɗu na 9.7. Wanda ya buɗe tebur ya ɗauko layin "alwatika" bai dubi ɓangaren da tsininta ya fuskanta ba, zai iya yin kuskure mai girman wannan, ta kowane ɓangare.

Da yake muna zaune, na nuna masa gajeriyar hanyar da na san wata rana za ta ja shi. Mutum yakan ce, tun da jimlar ruwan 44.1 ce kuma cibiyarta na mita 1 daga gindi, me zai hana a maye gurbin alwatikar da ƙarfi guda a wurin? Wajen neman momen na gindi wannan daidai ne, 44.1 sau 1 ya ba da 44.1. Wajen gocewa kuwa ba daidai ba ne. Ƙarfi guda a mita 1 yana barin mita 2 na sama babu momen ko kaɗan, alhali a gaskiya ruwa na lanƙwasa su. Amsar da ke fitowa 2w₀L⁴/(81EI) ce, milimita 7.2, ta gaza da kusan kashi 26 cikin ɗari. Wannan kuskuren ya fi nasa haɗari, domin siffar da yake bayarwa tana kama da gaskiya, gindi a tsaye, kai a goce, babu abin da zai ja ido. Ana tattara nauyi wuri guda ne bayan an yanka, kuma na guntun da aka yanke kaɗai, kamar yadda shi ya yi a shafinsa na farko.

Abin da siffar ke faɗa

Ribar intagireshan a kan ɗauko amsa daga tebur ita ce yana ba ka ginshiƙin gaba ɗaya, ba kansa kaɗai ba. Muka sa x mita-mita. A kai 9.72, a mita 1 ƙasa 5.68, a mita 2 kuma 1.94, a gindi sifili. Mitar farko ta ci milimita 4.04, kusan daidai da karkatar kan, ma'ana wannan yankin miƙe yake sak, jirkicewa kawai ya yi. Dalilin a fili yake in ka dubi momen: a mita 1 bai wuce 1.6 ba, a mita 2 ya kai 13.1, a gindi 44.1. Mafi yawan lanƙwasar a kashi ɗaya cikin uku na ƙasa take faruwa, sauran ginshiƙin dogon hannu ne da ke nuna abin da aka yi a can.

A nan na gaya masa cewa niyyarsa ta rage ƙarfe ba laifi ba ce, wurin da ya nufa ne ba daidai ba. In ana son tsimi, a sama za a rage, a ƙarfafa ƙasa. Sai dai da zarar I ya canza a tsakiya, ba a iya fitar da EI waje a matsayin lamba guda. Sai a raba ginshiƙin gida biyu, kowane gida da nasa lambobi biyu, a ɗaure su da sharaɗin cewa gocewa da karkata sun yi daidai a mahaɗa.

Akwai kuma maganar zurfi. A rubuce L⁴ ake gani, amma w₀ kansa yana girma da zurfin ruwa, saboda haka gocewar tana bin zurfi ninki biyar a kansa. Idan mai aikin ya ce a ɗaga bango da ruwa daga mita 3 zuwa 3.3, ƙarin kashi 10 cikin ɗari kacal, gocewar za ta ninku da 1.61, ta tashi daga 9.7 zuwa 15.7. Ɗan ƙarin nan ya cinye fiye da rabin sararin da ke tsakaninmu da iyaka, ko da yake ita ma iyakar ta tashi daga 16.7 zuwa 18.3.

Inda 9.7 ta daina zama gaskiya

Zato biyu na ka'idar ba su dame ni ba a wannan aiki. Na farko, an ɗauka karkata ƙarama ce har za a iya watsi da ninkinta a kanta. Namu 0.004 ce, ninkinta 0.000016, babu abin dubawa. Na biyu, an yi watsi da gocewar da ƙarfin yanka ke jawowa, wadda Stephen Timoshenko ya shigar cikin ka'idar lanƙwasar sanda a 1921. Na ƙiyasta ta da w₀L²/(6GA), inda G, taurin ƙarfen a gaban ƙarfin yanka, yake 81 GPa, A kuma faɗin bangon tsakiyar ƙarfen, milimita 240 sau 6.2. Ta fito kusan milimita 0.4, kashi 4 cikin ɗari. Ga guntun ginshiƙi mai kauri da sai an kula da ita, ga wannan ana iya ƙara ta a gefe a wuce.

Wanda ya dame ni shi ne sharaɗin da muka samo C₁ da shi, cewa gindi ba ya juyawa ko kaɗan. A takarda layi ɗaya ne. A fili kuwa faranti yana ɗan lanƙwasa, ƙusoshin ɓangaren ruwa suna ɗan miƙewa, harsashi yana ɗan nutsewa ta gefe ɗaya. In gindin ya juya da kusurwa θ, ginshiƙin gaba ɗaya ya jirkice, kai ya sami ƙarin θL. Radiyan 0.001 kacal, abin da ido ba zai gani a gindi ba, milimita 3 ne a sama. Lissafin bai lalace ba, sharaɗin ne ya canza: maimakon sifili sai a sa θ, C₁ da C₂ su ɗauki sauran.

Saboda haka na sa shi ya rubuta a takardar gwajin cika ruwa cewa agogon awo biyu za a kafa a ginshiƙin tsakiya, ɗaya a kai, ɗaya a rabin tsawo, duka a jikin wani abin da bai taɓa tankin ba. Lanƙwasa zalla tana ba da milimita 3.7 a rabin tsawo, wato kashi 38 cikin ɗari na abin da ke kai. Juyawar gindi zalla kuwa rabi cif take bayarwa, domin layi ne miƙaƙƙe. Da awo biyu ana iya raba su. A ce agogon sama ya nuna 12.7, na tsakiya 5.2. A cire abin da lissafi ya faɗa, saura 3.0 a sama da 1.5 a tsakiya. Rarar ta bi miƙaƙƙen layi, ke nan ginshiƙin lafiya lau yake, farantin gindi da ƙusoshinsa za a duba. In kuwa rarar ta tsakiya ta yi kusa da kashi 38 na ta sama, matsalar na jikin EI ko nauyin: ko ƙarfen da aka kawo ba shi aka rubuta ba, ko tazarar ginshiƙan ta wuce mita 1.

Ya ɗauki takardunsa ya koma teburinsa. Da ya dawo da su, IPE 240 na nan yadda yake, sharuɗɗan gindi biyu an rubuta su cikakku kowanne a layinsa, a gefen amsar kuma ya zana ɗan ginshiƙi lanƙwasasshe da lambobi huɗun nan a jikinsa. Ya ƙara shafi na huɗu da ban nema ba, lissafin kaurin farantin gindi da miƙewar ƙusoshi a ƙarƙashin momen na 44.1 kN·m. A kan wannan shafin muka shafe sauran yinin.